Alwatikar asarar babakere, ga yadda ake auna ta

"Don Allah ƴan uwa a taimaka, malaminmu ya ce in mutum ɗaya ya yi babakere a kasuwa akwai asarar da ake aunawa da alwatika. Ni dai ban gane ba, ai ribar tana aljihunsa, ina asarar kuma?"

Ɗan uwa nima nan na maƙale lokacin ina ɗalibi, har maki na rasa a kai, sai da na zauna da lambobi sannan abin ya zauna min.

Ɗauka buƙatar masu saye ita ce P = 100 − Q, inda P ke nufin farashi, Q kuma adadin kaya, kuma kowane ƙarin guda ɗaya yana cin mai sarrafawa 20, wato MC = 20. In akwai gasa, masu sayarwa za su yi ta karya wa juna farashi har ya sauko 20, a sayar da guda 80. Rarar masu saye, wato bambancin abin da za su iya biya da abin da suka biya, a nan ½ × 80 × 80 = 3200.

Shi ko mai babakere ya san in zai sayar da ƙarin guda sai ya rage farashin duk kayan, shi ya sa kuɗin da ƙarin ke kawo masa yake faɗuwa ninki biyu, MR = 100 − 2Q. Yana tsayawa inda MR = MC, wato guda 40. To a nan fa ka kula, farashin ba 20 ba ne, komawa za ka yi kan layin buƙata ka ga nawa mutane za su biya a guda 40, shi ne 60. Kuskuren da na tafka ke nan.

Yanzu bi sawun 3200 ɗin. Masu saye sun tsira da 800. Mai babakere ya kwashe ribar 40 a kan kowane guda, 40 × 40 = 1600, wannan kuɗi bai ɓace ba, aljihu kawai ya sauya, kuma shi kake gani. Amma haɗa su, 2400 ne, ina 800? Ba a hannun kowa take ba. Guda 40 ɗin nan ne da aka ƙi sarrafawa, alhali akwai mai son biyan 50, akwai mai 30, duk sama da 20 da abin zai ci, cinikin da zai amfani kowa amma ba a ƙulla ba. A zane alwatika ce, faɗinta 80 − 40, tsayinta 60 − 20, rabin 40 × 40 ya ba ka 800.

Sai tarkon da nake yawan gani wurin ɗaliban da nake taya bita. In MC yana hawa ne ba a kwance ba, kada ka ɗauki tsayin a matsayin farashin babakere ban da farashin gasa, amsarka za ta yi kaɗan. Tsayin shi ne farashinsa ban da MC a daidai adadin da ya sarrafa. Kuma rabin faɗi sau tsayi sai layukan suna miƙe yake fita daidai, in sun lanƙwasa kimantawa ce kawai. Kullum ka gwada da haɗa rarar ɓangarorin biyu a gasa da a babakere, in bambancin bai zo ɗaya da alwatikarka ba to ka koma kan tsayin.