Igiyar da ke ɗaure labarai

Tambaya: "Ina da gajerun labarai goma, ina so mutum ɗaya ya ba da su duka. Yaya zan ɗaure su kada su watse?"

Malama, fara da dalilin da ya sa mai ba da labarin ba zai iya yin shiru ba. Dubi littafi na ɗaya na Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta, aka buga a 1937. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, Waziri na ƙulla makircin hallaka Musa ɗan sarki in ya fita daga gida, Musa kuwa ya matsa sai ya fita. Aku, wanda shi ne mai ba da labarin, ba shi da makami sai bakinsa, kullum dare yakan ja Musa da labari har gari ya waye. Ashe kowane labari jinkiri yake saya, shi ya sa mai karatu ke jin tsoro ko da labarin na ban dariya ne.

Ni na taɓa yin kuskuren nan. A wani rubutu nawa na zaunar da wata tsohuwa a tsakar gida a Yakasai tana ta zuba tatsuniya, ba abin da za ta rasa in ta daina. Gwajin mai sauƙi ne: na cire ta, labaran ko gezau.

Saboda haka bayan kowane labari ki koma wa mai sauraro, wani abu ya motsa: ya fusata, ya miƙe, ya kama ƙofa, sannan a sake zaunar da shi.