Daga hirar waya zuwa gaisuwa a ƙofar gida

Tambaya: "Makonni bakwai ke nan muna hira ta WhatsApp da wani saurayi ɗan Haɗeja, ni kuwa ina wani ƙauye kusa da Ringim. Yanzu yana so mu haɗu. Yaushe ne lokacin ya yi?"

'Yar'uwa, a ganina ba yawan makonni ne ma'auni ba, abin da kika tabbatar game da shi ne. Kafin ki amince, ki yi kiran bidiyo da shi aƙalla sau biyu da rana, domin ana iya aron hoto, amma da wuya a ari fuska mai motsi da magana. Idan kullum uzurinsa shi ne kyamararsa ta lalace ko babu sabis, wannan alama ce da ta isa ki dakata.

Bayan haka ki nemi cikakken sunansa da na mahaifinsa da unguwarsu, ki sanar da mahaifiyarki ko yayarki, sannan a tura yayanki ko kawunki ya yi tambaya a wurin mai unguwa ko limamin masallacinsu. Haɗeja ba ta da nisan da wannan bincike zai gagara cikin mako guda.

Idan komai ya daidaita, ya zo zance gidanku bayan la'asar da sanin iyayenki, ya gaishe su tukuna. Kada ki yarda da haɗuwa a tasha ko masauki, kuma kada ki tura masa kuɗin mota, ko da ya ce rance ne. Idan ya ƙi zuwa gida, ya ce sai dai ke ki fito, ki yanke hirar a ranar.