An ce na saci rubutu, alhali da kalmomina na rubuta

Wani ɗalibi daga Aboabo a Kumasi ya aiko da tambaya. Ya yi aikin kammala digiri a kan cinikin goro, manhajar Turnitin mai gano kamannin rubutu ta yi wa wurare da yawa alama, yanzu kwamitin ladabtarwa na nemansa. Ya ce sakin layi uku ya ɗauko daga wani littafi, ya sauya kalmomin, bai ambaci marubucin ba. Yana tambaya ko ya yi laifi, kuma me zai yi.

Ƙanena, ba zan ɓoye maka ba, a waɗannan ukun akwai laifi. Dokar haƙƙin mallaka ta Gana, mai lamba 690 ta 2005, tana kare yadda aka tsara magana ne, ba ta kare ra'ayin da ke ciki, saboda haka da wuya marubucin ya ci nasara a kanka a kotu. Ka'idar jami'a ta fi dokar tsanani. Ko ka sauya kowace kalma, bincike da hujjar nasa ne. Kai da ka yi makarantar allo da ta ilimi ka san darajar isnadi: ana faɗin wanda aka ji daga gare shi don mai shakka ya bi sawu ya tabbatar. Ita kanta dokar da ta yarda a tsakuro maganar wani, ta sa sharaɗin a ambaci sunansa da inda aka samo.

Amma kada ka amsa laifin da ba naka ba. Cewa Gana ta sami 'yancin kai ranar 6 ga Maris 1957, ko an yi yaƙin Yaa Asantewaa a 1900, sanin kowa ne. Yana cikin littattafai barkatai, babu mai jayayya, babu mai cewa shi ya gano. Haka ma cewa Salaga ta shahara da kasuwar goro. Da zarar ka shiga bayanin dalilin faɗuwar kasuwar bayan Turawa sun ci Kumasi a 1874, to ka taka gonar masana, sai ka faɗi mai ita. Alƙaluma ma haka: mutum miliyan 30.8 na ƙidayar Gana ta 2021 hukumar ƙididdiga ce ta fitar, a rubuta sunanta.

Ka nemi cikakken rahoton manhajar da zargin a rubuce. Kason da ta nuna kamanni kawai yake aunawa, ba hukunci ba ne. Zauna da biro, ka bi alamomin ɗaya bayan ɗaya, ka ware sanin kowa daga sakin layin nan uku. A amsarka ka yarda da ukun, ka kai takardun da ka yi ta rubutu a kansu tun farko, ka roƙi damar gyarawa.

Duba littafin dokokin ɗalibai don wa'adin ɗaukaka ƙara, kada ya wuce ka. Idan jami'ar ta gwamnati ce kuma aka hukunta ka ba a saurare ka ba, sashe na 23 na tsarin mulkin 1992 ya ba ka damar zuwa kotu. Kafin nan, kada ka sa hannu a wata takarda sai lauya ya karanta ta.