Tutar hawa: ta yaya zan gane hutun farashi ya yi zurfi da yawa?

Tambaya: Salamu alaikum malam. Wani koyin kirifto da nake bibiya ya tashi daga dala 2.00 zuwa 2.80 cikin kwana biyar. Yau kwana shida ke nan yana sauka a hankali, har ya taɓo 2.44. Wasu na cewa bul filag ce, wato tutar hawa, zai ci gaba da hawa. Ni kuwa ina ganin kamar saukar ta yi yawa. Yaya ake tantancewa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Hasashenka bai yi nisa da gaskiya ba. Tutar taka tana nan da rai, amma tana bakin iyaka, kuma lissafi ne zai nuna maka haka.

Siffar tana da sassa biyu. Akwai sanda, wato tashin nan mai ƙarfi da farashi ya yi cikin ɗan lokaci. Sai tutar kanta, wato hutun da ya biyo baya, inda farashi ke gangarowa kaɗan-kaɗan tsakanin layuka biyu da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, ko kuma ya yi ta kai da komo a wuri guda. Zurfin tuta kuwa da tsawon sandar ake auna shi. A nan mutane da yawa ke yin kuskure, sai su raba saukar da farashin ƙoli: 0.36 a kan 2.80 ya ba su kusan kashi 13 cikin ɗari, su ce ai ba komai. Lissafin da ya dace shi ne wannan:

```
sanda = 2.80 - 2.00 = 0.80
sauka = 2.80 - 2.44 = 0.36
zurfi = 0.36 / 0.80 = 45%
```

Ke nan kasuwa ta riga ta mayar da kashi 45 cikin ɗari na abin da ta hau. Idan ka ja ma'aunin Fibonacci, wato layukan da ke nuna kason hawan da farashi ya mayar, daga gindin sanda zuwa ƙolinta, layin 0.382 zai faɗo a kusan 2.49, layin 0.5 a 2.40, na 0.618 kuma a kusan 2.31. Tuta mai lafiya takan tsaya a saman layin farko, wato ba ta cin fiye da kusan sulusin sanda. Tsakanin layin farko da rabi, ana iya yi mata uzuri amma a sa ido. Da zarar kyandir, wato alamar da ke nuna motsin farashin rana guda a jadawali, ya rufe a ƙasan rabi, ni dai ba na ƙara kiranta tuta. Farashi na iya sake tashi daga baya, amma wannan wani labari ne daban, kuma ba da ƙa'idar tuta za a shige shi ba.

Ka kula da inda kake kafa gindin sandar. Daga wurin da tashin mai ƙarfi ya fara ake kafa shi, galibi inda farashi ya ɓalle daga zaman da ya daɗe yana yi. A ce wata guda da ya wuce koyin ɗin ya taɓa 1.60. Wanda ya ja ma'auni daga can zai samu sanda mai tsawon 1.20, sai zurfin ya koma kashi 30, ya ji daɗi. Kansa ya yaudara, domin jan ƙafar da aka yi daga 1.60 zuwa 2.00 ba ya cikin sandar.

Me ya sa zurfin ke da illa? Ka tuna da waɗanda suka saya a makare, tsakanin 2.60 da 2.80. Idan hutun bai yi zurfi ba, asararsu kaɗan ce, za su riƙe kayansu. Amma a 2.44, wanda ya saya a 2.75 yana cikin asarar sama da kashi goma. Addu'arsa kawai farashi ya dawo kuɗinsa ya fita. Saboda haka duk lokacin da farashi ya yunƙura sama, sai ya ci karo da waɗannan masu jiran mayar da uwar kuɗi, su zuba masa kaya. Tuta mai zurfi na yawan ɓallewa sama ta kyandir ɗaya ko biyu, sannan ta mace kafin ta kai tsohon ƙolin, kuma dalilin ke nan.

Sai dai zurfi shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Dole a duba yadda aka sauko. Buɗe sandunan yawan ciniki da ke ƙasan jadawalin, ka kwatanta kwana biyar na hawa da kwana shida na sauka. A tuta ta gaske ciniki na raguwa a lokacin hutu, domin masu cin riba ne ke fita a hankali, ba wanda ke gudu. Kyandirori ma ƙanana ne, suna shiga cikin juna. In kuwa ka ga jan kyandir guda babba da ya kai girman koren da suka gina sandar, ga ciniki mai yawa a bayansa, to sayarwa ce ta gaske, ko da zurfin bai wuce kashi 35 ba. Saukar kashi 45 da aka yi a natse cikin kwana shida ta fi min saukar kashi 35 da aka yi a rana ɗaya. Haka kuma ka bambanta jelar kyandir da rufewarsa. In jela ce ta taɓo 2.44 amma ranar ta rufe a 2.52, masu saye sun kare wurin. In a 2.44 ɗin ta rufe, magana ta fi nauyi.

Lokaci ma na da nasa. A jadawalin kwana-kwana, tsohuwar ƙa'idar masu nazarin jadawali ita ce tuta kada ta wuce mako uku zuwa huɗu. Taka ba ta kai nan ba, amma ta riga ta ɗara kwanakin da aka yi ana gina sandar, don haka haƙurinka ya zama mai iyaka.

Yanzu ga abin da zan yi a matsayinka. Ba zan saya a cikin tutar ba. Zan ja layi a kan ƙololuwar kyandirorin saukar, in jira kyandir na kwana ya rufe a samansa, tare da ciniki da ya fi na kwanakin hutun a fili. Mu ƙaddara hakan ya faru a 2.62. Stop Loss, kariyar da ke sayar maka da kanta in farashi ya faɗi, zai zauna ɗan ƙasa da gindin tuta, a 2.41, wato kasadar 0.21 a kan kowane koyin. Mai jarin dala 1,000 da ya yarda ya yi kasadar kashi ɗaya, wato dala 10, zai sayi koyin 47 ne kacal, na kusan dala 123.

Sai ka dubi abin da ke gabanka. In ka ɗora tsawon sanda a kan gindin tuta, maƙasudin zai kai 3.24, in kuma daga wurin ɓallewa ka auna, 3.42. Na farkon ya fi aminci. Amma kafin a je can akwai 2.80, wanda nisansa da mashigarka 0.18 ne kawai, bai ma kai kasadar da ka ɗauka ba. Wannan shi ne kuɗin da zurfi ke caje ka. Da tutar ta tsaya a 2.62, ka shiga a 2.74, ka ajiye kariyarka a 2.60, da kasadarka 0.14 ce, kuma masu jiran fita a sama ba su da yawa.

Saboda haka a irin tutarka, wasu kan raba shiga gida biyu: rabi a ɓallewar layin tuta, rabi bayan an rufe sama da 2.80. In farashi ya kai 2.80 ya tsaya yana fitar da dogayen jeloli a sama, ka matso da kariyarka zuwa inda ka shiga. In kuwa kafin duk wannan kyandir na kwana ya rufe ƙasa da 2.40, ka goge layukan tutar daga jadawalinka, ka jira kasuwa ta gina sabon zama.