Dabino da ciwon suga: amsoshin tambayoyinku

*Likita, ina da ciwon suga. Ke nan na rabu da dabino har abada?*

A'a, Malam. Idan suganka yana kan daidai, ƙananan dabino biyu ko uku a rana ba laifi, amma ka rage wani abu mai sitaci a madadinsu.

*Busasshe da ɗanye, wanne ya fi tayar da suga?*

Busasshe, Hajiya, idan nauyinsu ɗaya. Ruwansa ya tafi, sukarin kuwa yana nan.

*Likita, an ce wa mahaifina zaƙin dabino ba irin na sukari ba ne, wai ma magani ne. Ya ajiye ƙwayoyin maganinsa, kullum sai ya markaɗa dabino cike da kofi ya sha.*

Wannan magana tana ɓata mini rai, domin irinta ce ke kawo mana mutane asibiti ranga-ranga. Ɗana, ka kai Baba asibiti yau a auna shi, kada ka jira gobe.

Akwai ƴar gaskiya a abin da aka gaya masa. Dabino yana da harza, wadda ke sa sukarinsa ya shiga jini a hankali, ba kamar na lemon kwalba ba. Amma shiga a hankali ba rashin shiga ba ne. Kusan kashi biyu cikin uku na nauyin busasshen dabino sukari ne, gulukos da furuktos, kuma jini ba ya tambayar daga bishiya gulukos ya fito ko daga kamfani. Babban dabino ɗaya irin Majul yana da sukari wajen giram 16, wato ƙaramin cokali huɗu. Idan Baba ya markaɗa goma, cokali arba'in ke nan ya kwankwaɗa, ga shi abin sha ya fi saurin wucewa ciki. Kuma babu magani a jikin Baba!

Idan yana gardama, na'urar gwaji ta raba ku. Bayan ya koma kan maganinsa, a auna shi kafin ya ci dabino biyu, a sake aunawa bayan awa biyu. Abin da ake so kada sugan ya haura 180 mg/dL, wato 10 mmol/L. In ya haura, a rage. Amma in ka ga yawan ƙishirwa, yawan fitsari, amai ko ruɗewa, ba zancen gwaji a gida kuma, asibiti kai tsaye.

*Ciwon sugan ya taɓa mini ƙoda. Zan iya ci?*

Dakata tukuna, Malama. Dabino yana da fotasiyam da yawa, kuma ƙodar da ta raunana ba ta iya fitar da shi yadda ya kamata, har ya kan dagula bugun zuciya. Sai likitanki ya duba sakamakon jininki ya ba ki izini.