Mu biyu akwai so, gaban abokai kamar bai san ni ba

"Idan mu biyu ne sai tarairaya da daɗin baki. Da zarar abokansa sun zo, ko kallona ba ya yi. Kunya ce ko yaudara?"

'Yar'uwa, mai kunya da mai ɓoye ki duk shiru suke yi a gaban mutane, amma shirun ba iri ɗaya ba ne. Mai kunya zai rage wasa, ya daina kiranki da sunan da ya saba, amma zai amsa gaisuwarki, ya nema miki wurin zama, kuma abokan sun san ko ke wace ce. Ki lura da su sosai, domin fuskarsu ta fi bakinsa faɗin gaskiya. In suna zolayarsa da ke, ya riga ya ba su labarinki. In kuwa suna miki kallon baƙuwa bayan watanni, ko ya gabatar da ke da "wata ce da na sani", to da gangan yake ɓoye ki.

Kada ki tsare shi a gabansu, zai ƙara ƙanƙamewa ne kawai. Ki bari sai kun keɓe, ki kawo rana ɗaya takamaimai: "Ran nan na gaishe ka gaban abokanka ba ka amsa ba, abin ya yi min ciwo. Ba rawar kai nake nema ba, ka amsa min, ka faɗa musu matsayina."

Mai kunya zai ji nauyi, kuma haɗuwa ta gaba za ki ga canji ko da kaɗan ne. Wanda ya ce kin cika ƙorafi, ya lallashe ki da daddare sannan ya maimaita, ni dai ba zan ƙara masa wani uzuri ba.