Jimlar farko a takardar neman aiki: yadda za ta zama taka kai kaɗai

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da babbar difloma a fannin akanta, na gama bautar ƙasa, kuma shekara biyu ke nan ina riƙe wa kawuna littafin shagonsa na taki da iri a babbar kasuwar Sakkwato. Takardun neman aiki tara na rubuta, duk da jimla ɗaya nake buɗe su: "Ina rubuto wannan takarda ne domin neman aikin da kuka tallata a kamfaninku mai albarka." Ba wanda ya kira ni. Yanzu wani kamfanin sarrafa shinkafa na neman mai kula da sito, wanda ya iya riƙe lissafin kaya da aiki da Excel. Yaya zan buɗe takardar ta bambanta da ta kowa? Daga wani ƙanenka a Mabera.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ɗauko ɗaya daga cikin takardun nan, ka sa babban yatsanka ka rufe sunan kamfanin, ka sa ɗayan ka rufe sunanka a ƙasa, sannan ka karanta jimlar farko. Ka tambayi kanka: wa zai iya sa hannu a kan wannan? Direba zai iya. Malamar firamare za ta iya. Mai neman gadi a Kalambaina ma zai iya, bai canza ko harafi ɗaya ba. Duk jimlar da kowa zai iya aika wa kowa, ba ta faɗi komai a kanka ba, kuma wannan gwajin na yatsa biyu shi za ka riƙa yi wa kowace jimla da ka rubuta daga yau.

Ban ce jimlar ce kaɗai ta hana a kira ka ba. Akwai gurbin da tun kafin a tallata shi an san mai shi, wannan kowa ya sani. Amma na zauna a kwamitin tantance masu neman aiki ba sau ɗaya ba, kuma na san yadda ake yi da tulin takardu. Ba a karanta su daga sama har ƙasa a zagayen farko. Ido yana sauka a kan take, ya wuce layi biyu na farko, sai hannu ya juya zuwa takardar tarihin karatu da aiki, wadda muke cewa sibi. Akwai ranar da na ci karo da takardu da dama a jere, jimlar farkonsu iri ɗaya har da kuskuren rubutu iri ɗaya. Ashe duk a shagon kwamfuta ɗaya aka buga musu, mai shagon yana canza suna kawai. Ɗaya daga ciki ma an mance ba a cire sunan wata ma'aikatar daban ba.

Matsalar jimlarka ita ce tana maimaita abin da take ya riga ya faɗa. A takardar ofis, bayan ka gaida wanda ka rubuta wa, akwai layin take, inda za ka rubuta cewa neman aikin mai kula da sito ne, tare da lambar tallan idan sun ba da ita. To aikin sanarwa ya ƙare a nan. Idan jimlar farko ta sake cewa "na rubuto ne domin neman aiki", ka ɓata wurin da ya fi kowane wuri tsada a shafin.

Abin da ya kamata jimlar ta ɗauka abu biyu ne: sunan gurbin daidai yadda suka rubuta shi, da hujja guda ɗaya daga rayuwarka wadda ta amsa babbar buƙatarsu. Guda ɗaya, ba uku ba.

Ka fara da tallan, ba da kanka ba. Mai injin shinkafa da ke neman mai kula da sito, me ke hana shi barci? Buhunan da ke shiga da waɗanda ke fita ba sa daidaita da abin da ke rubuce. Shinkafa tana zuwa daga Goronyo da Wurno da sauran fadamu, a auna, a sarrafa, a loda a mota, kuma a kowane mataki buhu na iya yin ƙafa. Shi ya sa suka sa lissafin kaya a gaba. Wanda ya nuna musu tun a layin farko cewa ya taɓa riƙe irin wannan lissafi kuma ya fita daidai, shi suke nema.

Yanzu dubi abin da kake da shi. Difloma tana da kyau, amma yawancin waɗanda za su nemi gurbin nan suna da ita ko makamanciyarta, kuma tana nan a sibi. Shagon kawu shi ne dukiyarka, ko da yake na san irin ku kuna jin kunyar ambatonsa, kuna ganin ba aikin ofis ba ne. Aiki ne, kuma shi ne ainihin aikin da suke tallatawa, taki ne kawai a maimakon shinkafa.

Sai dai "na yi aiki a shago" bai isa ba. Je ka buɗe littafin nan ka ƙirga. Mu ɗauka a daminar bara tirela huɗu kuka sauke. Tirela ɗaya tana ɗaukar buhu 600 mai kilo 50, wato buhu 2,400 ke nan suka bi ta hannunka. Wannan ƙiyasina ne don misali, kai ka sa abin da littafin ya nuna. Ga yadda jimlar za ta tashi mataki mataki.

Gyaran farko da yawancin matasa ke yi shi ne ƙara kirari: "Ni matashi ne mai ƙwazo, riƙon amana da jajircewa, ina neman aikin mai kula da sito." Rufe da yatsa ka gani. Har yanzu ta kowa ce, domin ba wanda zai rubuta cewa shi malalaci ne ko maha'inci. Kalmomin kirari ba su da shaida.

Na biyu ya fi: "Ina da ƙwarewar shekara biyu wajen riƙe lissafin kaya, don haka ina neman aikin mai kula da sito." An fara zuwa. Amma wane kaya? Nawa? A ina?

Na uku: "Ina neman gurbin mai kula da sito ne bayan shekara biyu ina riƙe littafin shige da ficen kaya na wani shagon taki da iri a babbar kasuwar Sakkwato, inda buhu 2,400 suka bi ta hannuna a daminar bara." Wannan direba ba zai iya sa mata hannu ba. Ba ka ce kai mai amana ne ba, amma wanda ya karanta ya gane cewa an damƙa maka kaya na miliyoyin naira shekara biyu ba a karɓe littafin ba. Da ma mu Hausawa muna cewa yabon kai jahilci, kuma kunyar nan ce ke sa da yawa su ɓuya a bayan jimlar da ba ta ce komai ba. Faɗin adadin buhu ba yabon kai ba ne, labari ne, mai karatu shi zai yi yabon a ransa.

Excel fa? Idan kai ne ka kwashe lissafin shagon daga littafi ka mayar da shi kwamfuta, to wannan ita ce jimla ta biyu, kada ka cusa ta cikin ta farko. Jimlar da ta wuce layi biyu da rabi a shafi ta yi nauyi. Idan kuwa a makaranta kaɗai ka taɓa shi, ka bar shi a sibi, ka zauna ka koya kafin ranar intabiyu, don suna iya ajiye maka kwamfuta su ce tara wannan layin.

A nan ne haɗarin wannan hanya yake. Duk adadin da ka sa a jimlar farko, shi ne tambayar farko da za a yi maka. Za a ce, buhu 2,400 ɗin nan, nawa ne yuriya nawa ne NPK? Sau nawa kuke ƙirga kaya? Idan buhu ya fashe ko ya sha ruwa, yaya kake rubuta shi? Wanda ya yi aikin zai amsa yana murmushi. Wanda ya ƙara gishiri zai fara in-ina, kuma daga nan ba abin da zai faɗa a yarda. Sakkwato kuma ƙaramin gari ne ga mai ƙarya, ba mamaki wani a kwamitin ya san kawun naka. Ka kuma gaya wa kawu kafin ka sa adadin kayansa a takarda. Idan bai so ba, ka ce "tirela-tirela na taki" ko ka faɗi sau nawa kake ƙirga kaya a wata.

Na san da Turanci za ka aika takardar. Duk da haka ka fara gina jimlar da Hausa, kamar mai injin ya tare ka a bakin ƙofa ya ce, "Yaro, me ka iya?" Abin da za ka ce masa a numfashi ɗaya, shi za ka rubuta, sannan ka juya shi zuwa Turanci mai sauƙi. Idan ka fara da Turanci, haddar makaranta ce za ta riga ka fitowa. Gaisuwarmu ta wasiƙa, "bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya", a bar ta ga wasiƙar gida. Haka ma kukan rashi, cewa kai ne babba a gidanku kuma ƙanne na kanka. Gaskiya ne, Allah ya kawo sauƙi, amma ba ya nuna za ka iya riƙe sito. Yabon kamfani da cewa ya shahara ko yana da albarka shi ma cire shi, sun san kansu.

Idan wani ma'aikacinsu ne ya gaya maka gurbin, kana iya ambatonsa, amma sai da izininsa, kuma bayan hujjarka, ba a madadinta ba.

Akwai inda wannan shawara take raguwa. Aikin gwamnati, na jiha ko na tarayya, yawanci fom ake cikawa, ko a ce ka rubuta takarda da hannu bisa tsari sananne, kuma takardun shaida ake dubawa. A can ka bi tsarin, ka ambaci gurbi da matakin karatunka a jimlar farko, ka kawo hujjar a ta biyu. Kamfanoni masu zaman kansu, makarantun kuɗi da ƙungiyoyin agaji su ne inda buɗewa mai hujja take aiki sosai.

Idan ta imel suka ce a aika, taken ya tafi layin Subject, jimlarka kuma ta zama farkon saƙon kansa, domin a waya kalmomin farko ne ke bayyana a ƙarƙashin take kafin a buɗe. Kada ka aika saƙo fanko da takarda a maƙale. Kuma ranar da za ka nemi wani gurbin, a ce na kashiya a asibiti mai zaman kansa, buhunan nan ba su ne hujja ba. Sai ka koma littafin ka duba kuɗin da kake karɓa a rana, da rasit nawa kake yankawa, ka gina sabuwar jimla a kansu.